Kamfani na cin riba, amma zai iya biyan bashinsa?

Kowace shekara kamfanonin da ke Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya a Legas suna fitar da rahoton kuɗinsu bayan masu binciken asusu sun tantance shi. Yawancin masu karatu layin riba kawai suke dubawa su rufe. Sai dai riba ba ta nuna ko kamfani zai iya sallamar masu binsa bashi idan wa'adi ya cika. Wannan amsar tana cikin takardu biyu: takardar kadara da bashi, wadda ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa a rana guda, da takardar riba da asara, wadda ke nuna cinikin shekara da abin da aka kashe.

Bari mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa da ya rufe littafinsa ran 31 ga Disamba. Yana da tsabar kuɗi naira miliyan 20, yana bin diloli miliyan 60, a sito kuma akwai shanshera da shinkafa na miliyan 120. Waɗannan su ne kadarorin kusa, wato abin da ake sa ran zai koma kuɗi cikin wata 12, jimillarsu miliyan 200. Bashin da dole ya biya cikin wannan wa'adin kuwa miliyan 125 ne. Idan aka raba 200 da 125 za a sami 1.6, ma'ana kowace naira ɗaya da ake binsa yana da naira ɗaya da kwabo 60 da za su tare ta.

Da gani sai a ce lafiya lau. To, amma fiye da rabin kadarar nan buhuna ne a jibge, ga shi an rufe littafin ne bayan kaka, lokacin da sito ya fi cika. Shanshera sai an casa, an sayar, an karɓo kuɗin kafin ta biya bashi, kuma farashi na iya karyewa kafin nan. Shi ya sa masu ba da rance ke sake lissafin ba tare da kayan sito ba: 80 a raba da 125, sakamakon 0.64. Ashe da masu bashi za su taso gaba ɗaya, kwabo 64 kawai ke kusa da hannu a kan kowace naira. Ko miliyan 60 ɗin da ke wajen diloli ma sai an duba bayanan da ke ƙarshen rahoton a ga nawa ne ya wuce wa'adi, domin bashin da ya shekara ba a biya ba sunansa kawai kadara.

Tambaya ta biyu ita ce da kuɗin wa ake juya kamfanin. A ce injina da gine-ginensa sun kai miliyan 300, duka kadara ta zama miliyan 500. Ban da bashin kusa, banki na binsa rancen dogon zango na miliyan 175, bashi gaba ɗaya ya zama miliyan 300. Ragowar miliyan 200 ita ce jarin masu kamfani. Raba 300 da 200 ya ba da 1.5: kowace naira ta masu kamfani, akwai naira ɗaya da rabi ta wasu a gefenta.

Ko wannan nauyin zai ɗauku, takardar riba da asara ce za ta faɗa. A nemi ribar aiki, wato riba kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, a raba ta da kuɗin ruwan shekarar. Kamfaninmu ya sami miliyan 90, kuɗin ruwa ya ci 60, sakamakon 1.5. Idan tsadar shanshera ko dizal ta zaftare kashi ɗaya cikin uku na ribar, duk wahalar shekara banki aka yi wa.

Akwai kuma abin da lissafin ba ya nunawa sai an tono: a wane kuɗi aka ci bashin? Da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, bashin dala ya kumbura a littattafan kamfanoni ba tare da sun ranci ko sisi ba. MTN Najeriya da Nestlé Najeriya duk sun rufe shekarar da asara, bashinsu ya zarce kadararsu, alhali ciniki na tafiya.

Babu adadi ɗaya da ya dace da kowa. Babban kantin da ke sayar da kaya hannu da hannu zai iya zama lafiya da ƙaramin adadi, mai injin da ke sayen kayan shekara a kaka kuwa sai da rara. Don haka a jera lissafin shekara uku ko huɗu a ga inda ya dosa, sannan a gwada shi da na kamfanonin da ke sana'a iri ɗaya.