Zaɓen Na'urar Ajiya ta NAS Don Ƙaramin Ofis

NAS ƙaramin akwati ne mai ɗauke da faifan ajiya, wanda ake haɗawa da netwok ɗin ofis domin kowace kwamfuta ta riƙa ajiyewa da ɗauko fayiloli daga wuri guda. Kamfanoni irin su Synology da QNAP galibi suna sayar da shi babu faifai a ciki, sai mai saye ya zuba nasa. Abubuwa uku ne ke bambanta wani akwati da wani: yawan guraben faifai, furosesa, da RAM. Guraben ne suka fi cancantar dogon nazari, domin a yawancin ƙananan samfura, adadin da aka saya da shi za a zauna.

Gurbi shi ne ramin da ake zura faifai ɗaya. Ba duk girman faifan da aka zuba ake mora ba, saboda ana ware wani kaso don kariya, ta tsarin da ake kira RAID. A akwati mai gurbi biyu ana amfani da RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ake kwafe shi a ɗayan, don haka rabin girman ne kawai na ajiya. Mai gurbi huɗu yana ba da damar RAID 5, wanda ke buƙatar aƙalla faifai uku, kuma girman faifai ɗaya tak yake cinyewa. A duka biyun, idan faifai guda ya mutu aiki ba ya tsayawa.

A ɗauki ofishin masu zanen gine-gine mai ma'aikata takwas, da fayilolin terabait 3, waɗanda ke ƙaruwa da terabait 1 duk shekara. Nan da shekara biyar ofishin zai buƙaci terabait 8. Idan aka sayi mai gurbi biyu aka zuba faifai biyu masu terabait 8, lissafi ya yi daidai a takarda, amma na'urar za ta nuna kimanin 7.3 ne kawai, domin ƙidayar masu ƙera faifai ta sha bamban da ta kwamfuta. Ke nan wuri zai ƙare kafin wa'adi, kuma mafita ita ce a sauya faifan biyu da manya. Da mai gurbi huɗu kuwa, ana iya farawa da faifai uku masu terabait 4, a sami 8 ɗin nan, a bar gurbi ɗaya fanko. Ranar da wuri ya yi ƙaranci sai a zura na huɗu, ajiya ta koma 12. Ga ofishin da fayilolinsa ke ƙaruwa haka, ƙarin kuɗin akwatin ba asara ba ne.

Furosesa kuma aikin da za a ɗora mata ne ke tantance ta. In ajiye takardu da raba su ne kawai, mai araha ta nau'in ARM ta wadatar, domin wayar netwok mai gigabit ɗaya ba ta wuce megabait 110 zuwa 115 a daƙiƙa, kuma ƙaramar furosesa ma tana iya kai wa wannan iyaka. Sai an ƙara mata naɗar bidiyon kyamarorin tsaro, ko kwafe kwamfutocin ma'aikata kowane dare, ko tafiyar da wasu manhajoji, sannan ake neman ta Intel ko AMD.

A kan RAM abin tambaya shi ne ko ana iya ƙara ta. Synology DS223j tana zuwa da gigabait 1 da aka liƙe a jikinta. DS224+ tana da 2, ana iya kai ta 6. DS923+ mai gurbi huɗu tana farawa da 4, tana karɓar har 32. Ofishin masu zanen zai ji daɗin 4. Ana gane RAM ta gaza idan shafin kula da na'urar yana jan ƙafa, faifan kuma suna ta ƙara alhali ba wanda ke kwafar komai. Shafin yana nuna kason furosesa da na RAM da ake ci, kuma nan ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi.

RAID ba ya dawo da fayil ɗin da aka goge, ba ya kuma hana gobara ko sata, saboda haka dole a ajiye wani kwafi a wajen ofis. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, a sa UPS cikin kasafin tun farko, mai haɗuwa da akwatin ta USB, domin ya kashe kansa cikin tsari kafin batir ya ƙare.