Ciniki ya ninka, ina ribar ta shiga?

A 'yan shekarun nan kusan duk mai harkar da ka tambaya, daga Singa zuwa Dawanau, zai ce maka kuɗin da ke shigowa ya fi na da nesa ba kusa ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai idan ka ƙara tambayarsa ko harkar ta ci gaba, zai yi jim kafin ya ba ka amsa, don shi kansa yana ji a jikinsa cewa wani abu bai daidaita ba. Kuɗi sun yi yawa a littafi, aljihu kuma bai shaida ba. Rahoton kuɗi na shekara guda ba ya warware wannan matsala. Sai an jera na shekaru uku ko huɗu, an yi musu aiki iri biyu da akantoci da ma'aikatan banki ke yi kafin su yarda da kowane kamfani. Duka biyun ba sa buƙatar abin da ya wuce rabawa da ninkawa.

Bari mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa, don mu samu abin kamawa. Alƙaluman na misali ne, amma yanayinsu irin wanda ake gani ne. A 2021 ya yi cinikin naira miliyan 400, ya ci ribar miliyan 40 kafin haraji. A 2024 cinikin ya kai miliyan 800, riba ta zama miliyan 48. Mai kamfani zai ce alhamdu lillahi, ciniki ya ninka, riba ta ƙaru. Ba wanda zai ƙaryata shi da waɗannan lambobi huɗu.

Aiki na farko shi ne a ɗauki cinikin kowace shekara a matsayin ɗari, sannan a tambaya: cikin kowace naira ɗari da ta shigo, nawa ta tafi ina? Ana raba kowane layi na takardar riba da asara da jimillar ciniki, a ninka da ɗari. Ta haka shekarar miliyan 400 da ta miliyan 800 za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, girman lamba ya daina rufe ido.

A 2021 kamfaninmu ya kashe miliyan 280 wajen sayen shanshera, casa da buhuna. Wato naira 70 cikin kowace ɗari. Albashi, haya, gyaran injuna da sufuri sun ci naira 18, kuɗin ruwan banki ya ci 2, saura 10 ita ce riba. A 2024 kuɗin kaya ya kai miliyan 624, wato naira 78 cikin ɗari. Kuɗin gudanarwa ya sauko zuwa 13, na banki ya hau 3, riba ta koma 6. Abin da ya faru ke nan: kamfanin da ke ajiye naira goma cikin ɗari yanzu shida yake ajiyewa, kuma an ga ƙofar da kuɗin ya bi ya fita. Shanshera da makamashin injuna sun tashi fiye da yadda kamfanin ya iya ƙara farashin buhu.

Shekarun tsakiya su ne ke tabbatar da zance. Idan kuɗin kaya ya kasance 70, sai 72, sai 75, sai 78, to ciwo ne mai ci a hankali, kuma ba dalilin da zai sa ya tsaya a shekara ta biyar. Idan kuwa 70 ne, 70, 71, sai ya yi tsalle zuwa 78, sai a nemi abin da ya faru a shekarar nan kaɗai: ambaliya, gobara a sito, ko wani babban saye da aka yi a kan tsada. Maganin na farko daban, na biyun daban. Shi ya sa kwatanta shekara biyu kawai bai isa ba.

Ni layin da ya fi tsayar da ni shi ne wanda ya sauko daga 18 zuwa 13, don shi ne mai kama da albishir. Yana iya zama albishir ɗin da gaske, tunda haya da albashi ba sa tashi da saurin ciniki. Amma yana iya nufin an shekara uku ba a yi wa ma'aikata ƙari ba, ko an daina gyaran inji sai ya tsaya. Irin wannan sauƙi bashi ne da za a biya nan gaba, ranar da injin ya ƙone ko ƙwararren mai kula da shi ya koma wani wuri. Kason bai faɗi wanne ne ba. Ya nuna dai inda za a je a yi tambaya, kuma wannan shi ne iyakar aikinsa.

Aiki na biyu bin sawu ne. Ana zaɓar shekara ɗaya a mayar da ita tushe, a ba kowane layinta ɗari, sai a raba adadin kowace shekara da na shekarar tushe a ninka da ɗari. Cinikin kamfaninmu na 400, 480, 620 da 800 zai zama 100, 120, 155 da 200. Ribar da ta tashi daga 40 zuwa 48 ta tsaya a 120. Tun a nan an ga ciniki na gudu, riba na rarrafe.

Amma a Najeriya ba a tsayawa nan, don ita kanta nairar da ake awon da ita ta motse. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 21.34 cikin ɗari a Disambar 2022, kashi 28.92 a Disambar 2023, da kashi 34.80 a Disambar 2024. Ba tara su ake yi ba, ɗora su ake yi kan juna: 1.2134 sau 1.2892 sau 1.348, ya ba da kusan 2.11. Wato kayan da aka saya naira ɗari a ƙarshen 2021 sun kai wajen naira 211 a ƙarshen 2024. Yanzu a ajiye 200 na ciniki kusa da 211 na farashi. Cinikin da aka ce ya ninka bai ma kamo tsadar kaya ba. Ribar miliyan 48 kuwa, in aka auna ta da kuɗin 2021, ba ta wuce miliyan 23 ba, kusan rabin ta da. Awo ne na kusa-kusa, tunda farashin shinkafa ba lallai ya bi na sauran kaya sau da ƙafa ba. Abin da zai yanke hukunci shi ne a buɗe littafin sito a ƙirga buhunan da suka fita a kowace shekara, a bi sawunsu su ma.

Haka ake yi wa takardar kadarori da basussuka, sai dai a nan jimillar kadarori ce ɗari. A 2021 kadarorin kamfanin miliyan 250 ne. Bashin da yake bin dillalai miliyan 40, wato kashi 16, tsabar kuɗi a hannu da banki miliyan 50, kashi 20. A 2024 kadarori sun kai miliyan 500, bashin da ke waje ya kai miliyan 140, kashi 28, tsabar kuɗi ta koma miliyan 25, kashi 5 kacal. A bin sawu, bashin waje ya tashi daga 100 zuwa 350 yayin da ciniki ya tsaya a 200. Duk lokacin da bashin da ake bi ya tsere wa ciniki haka, a yi hattara. Da, kuɗin kaya kan dawo cikin kwana 37, yanzu sai ya yi 64. Kamfanin yana ba da kaya bashi don kada ciniki ya faɗi, dillalai na juya kuɗinsa, shi kuma yana zuwa banki ya ranto don sayen shanshera a kaka. Ga asalin nairar nan ɗaya da ta ƙaru a kuɗin ruwa. Takardun biyu sun haɗu sun ba da labari guda, labarin da ba ya cikin "ciniki ya ninka".

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Bayan an saki naira a Yunin 2023, MTN Najeriya ya ba da rahoton kuɗin shiga na kusan naira tiriliyan 2.47 a shekarar, sama da kusan tiriliyan 2 na 2022. Duk da haka ya ƙare da asarar naira biliyan 137 bayan haraji, alhali a 2022 ribarsa ta kai wajen biliyan 350. A ma'aunin ɗari, kamfanin da ya ajiye kimanin naira 17 ya koma yana asarar fiye da naira 5. Wanda ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya zai ga ba kasuwa ce ta gudu ba. Asarar canji ce ta kimanin biliyan 740, saboda wajibai da ke kansa na dala. Layi ɗaya ya haɗiye ribar shekara.

Wannan misali ya kuma nuna inda bin sawu ke gazawa. Ba a mayar da shekarar asara tushe, don raba lamba da abin da ke ƙasa da sifili ba ya ba da ma'ana. Haka shekarar da ta fita daban. Wanda ya ɗauki 2020, shekarar kullen korona, a matsayin tushe zai ga komai na bayanta yana haskawa, ko da kamfanin komawa inda yake kawai ya yi. Idan mai neman jari ko abokin tarayya ya kawo maka jadawali mai hawa kamar tsani, tambayar farko ita ce me ya sa ya fara daga wannan shekarar. Ka matsar da tushen baya da shekara ɗaya ka ga ko hawan na nan.

Akwai kuma sauyin da ba na kasuwanci ba ne, na alƙalami ne. Akanta na iya ɗauke kuɗin dizal daga kuɗin gudanarwa ya mayar da shi cikin kuɗin kaya. Sai layi ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka, alhali ba abin da ya canza a harabar kamfani. Alamarsa ita ce layuka biyu su motsa da adadi kusan ɗaya ta fuskoki masu saɓani a shekara guda. A namu misalin kuɗin kaya ya hau da takwas, na gudanarwa ya sauka da biyar, don haka wajibi ne a tambayi akanta kafin a ɗora wa tsadar shanshera laifin duka. Kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari sukan sake gyara alƙaluman bara a rahoton bana, su bayyana dalili a bayanan ƙarshen rahoto. A ɗauki wanda aka gyara. Su ma gine-gine da injuna sau da yawa suna rubuce ne da farashin ranar da aka saye su, saboda haka kasonsu cikin kadarori kan yi ta raguwa a lokacin tsada ko da ba a sayar da ƙusa ɗaya ba.

Mai hannun jari ba sai ya sha wahalar tattara lambobi ba, tunda rahotannin shekara na kamfanonin Najeriya kan zo da taƙaitaccen bayanin shekaru biyar a shafukan ƙarshe. Mai shago ko ƙungiyar adashe kuwa sai sun fara da raba kuɗin gida da na sana'a, su kuma riƙe kanun lissafi iri ɗaya kowace shekara: ciniki, kuɗin kaya, kuɗin gudanarwa, bashin da ake bi, bashin da ake binsu. In kuɗin makarantar yara ya shiga kuɗin gudanarwa bana, bara kuma bai shiga ba, kason da zai fito ba na sana'ar ba ne, kuma ba za a iya kwatanta shi da komai ba.