Me ya sa fuskar ta yi toka-toka?

A ce mai tace fim zai ɗora fuskar jaruma fara sol, da yardarta, a jikin wata baƙa wadda ta hau doki a madadinta. Ya danna gyaran launi na atomatik, sai fuskar ta fito toka-toka kamar an shafa farar hoda, wuya kuwa na nan baƙi.

Wasu manhajoji suna bin dabarar da Erik Reinhard da abokan aikinsa suka wallafa a 2001. Suna auna matsakaicin launin fuskokin biyu da yadda ya bazu, sannan su ja ɗaya zuwa ɗayar. Sai dai awon yakan haɗa da haƙora, farin ido da gashi. Ga kuma ƙyallin goshi da karan hanci, wanda a baƙar fata launin fitila ne, ba na fatar ba. Waɗannan su ke ɓata lissafin.

Maganin shi ne a taƙaita awon ga tsantsar fata: kunci, haɓa da gefen goshi. A juya hoton zuwa tsarin Lab, inda `L` ke riƙe haske, `a` da `b` kuma launi. A fara sauke `L` har kunci ya yi daidai da wuya, sannan a ƙara ja da rawaya kaɗan-kaɗan, domin rashinsu ne ke jawo tokar. Daga nan a dawo da ƙyallin asali, a sassauta bakin haɗin.

Kunne da wuya su ne shaida. In sun saje da kunci, aiki ya yi.