Hoto ya shigo waya, babu ko kalma ɗaya

Wani kare sanye da hula yana zaune a ɗaki, kofin gahawa a gabansa, wuta na ci ta ko'ina, shi kuwa yana cewa komai lafiya lau. Mai zanen barkwanci ɗan Amurka, KC Green, ya zana shi a 2013, kuma har yau yana cikin hotunan barkwanci da aka fi turawa a waya. Sau da yawa haka yake shigowa WhatsApp shi kaɗai, ba sallama, ba bayani, a bar wanda aka tura wa da tunanin me ake so ya ce.

Abin da za a fara dubawa shi ne hirar da ta gabata. A ce ɗalibai biyu sun kwana suna kukan jarrabawa, sai ɗaya ya turo karen da safe. Wannan so yake a rama masa. Sitikar marigayi Rabilu Musa Ibro ko fuskar Osita Iheme ta isa amsa, kuma tun da WhatsApp ya shigo da sitika a 2018, irin wannan musayar kan daɗe ba a rubuta harafi ba. Wanda ya tsaya yi wa abokinsa bayanin hoton ya kashe wasan, kamar taubashin da aka tsokana ya ɗauki zancen da gaske.

Idan uwa ce ko kawu ya turo, ga alamar Forwarded a samansa, sau da yawa tambaya ce: mene ne wannan da ake ta yaɗawa? Layi biyu na bayani cikin ladabi sun wadatar. Sitikar dariya a nan tana iya zama rashin kunya.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne na uku. Ƙani ne da ya yi makonni bai yi magana ba, kasuwarsa ta tsaya, sai ga karen cikin wuta da ƙarfe ɗayan dare. Babu hirar da hoton ya rataya a kanta, babu alamar cewa daga wani wuri aka turo masa. Shi ya nemo shi, ya zaɓi mutum ɗaya ya aika wa. Kunya tana hana mutane da yawa furta cewa suna cikin damuwa, hoton kuma yana ba su hanyar janyewa, domin in an matsa sai su ce wasa ne. Idan yayansa ya danna alamar dariya ya wuce, zai ga an karanta saƙon, shiru ya biyo baya, wani lokaci ma a goge hoton. Wannan shirun ne ke nuna an yi kuskuren fahimta.

Amsar da ta dace a nan tana haɗa biyun: a yi dariyar, sannan a rubuta, "Kai, lafiya dai ko? Me ke faruwa?" In wasa ne, zai turo wata sitikar. In ba wasa ba ne, gara yayan ya kira shi kafin gari ya waye.