Abin da ke sa ma'aunin zafi ƙarya a bututun hayaƙi

Tamokoful, wayoyi biyu na ƙarfe daban-daban da aka haɗe bakinsu, zafin jikinsa yake faɗa, ba na iskar da ke wucewa ba. A bututun hayaƙin tukunyar masana'anta, iska na ɗumama bakin wayar, shi kuma yana haskaka zafi zuwa bangon da ya fi shi sanyi, yadda garwashi ke gasa fuska daga nesa.

A ce ma'auni ya nuna digiri 500, bango 300. Idan iskar na tafiya a hankali, ainihin zafinta na iya kusan kai 600. Gwaji mai sauƙi: saka siririn tamokoful kusa da mai kauri. In siririn ya nuna sama, matsalar ce. A kewaye bakin da garkuwar ƙarfe mai sheƙi, ko a zuƙo iskar da sauri ta kansa.