Nailan a Firintar 3D: Sai An Busar da Zare Kafin a Kunna Inji

Mai firintar 3D da ya saba da robar PLA yakan sha mamaki ranar da aka kawo masa karyayyen giyan inji a ce ya buga sabo da nailan. Ya ɗora zaren, inji ya fara aiki, sai ya ji bakinsa yana tas-tas, wani siririn tururi yana fita. Giyan ya fito da kaushi da ƙananan ramuka, in aka murɗa shi sai ya rabu hawa-hawa.

Ruwa ne ya jawo haka. Nailan yana zuƙar danshin iska, musamman nau'in PA6, kuma a watan Agusta a Kano ko Kaduna, zaren da ya wuni a buɗe ya riga ya sha abin da zai ɓata aiki. Idan ya shiga bakin injin da ya kai digiri 260, ruwan yakan tafasa ya bar kumfa cikin robar.

Maganin shi ne a gasa nadin zaren a digiri 70 zuwa 80 na tsawon awa takwas zuwa goma sha biyu. Shanya a rana ba ta wadatarwa. Masu lura sukan auna nadin a sikeli kafin gashi, su yi ta aunawa har nauyin ya daina raguwa. Daga nan zaren ya ci gaba da zama a rufaffen akwati mai ƙwayoyin silika, yana zarcewa cikin inji ta bututu, domin giyan da zai ɗauki awa shida ana bugawa zai ba shi damar sake jiƙewa.

Injin ma sai ya cancanta. Wasu daga cikin masu araha suna da bututun PTFE da ya sauka har bakin wuta, shi kuwa yana fara lalacewa wajen digiri 250 yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Dole a sauya kan da na ƙarfe zalla. Folikabonet ya fi haka neman zafi: baki wajen 280, faranti 110.

Saura kama faranti. Nailan yana tsukewa idan yana hucewa, sai gefen giyan ya ɗago, haƙoran ƙasa su karkace. A kan farantin PEI mai santsi da kyar yake zama, amma yana riƙe allon G10 da kyau, ko gilashin da aka shafa wa gam na PVA. A ɗumama farantin zuwa 70 ko 80, a kashe fankar sanyaya aiki, a rufe injin kada iska ta buge shi, a kuma sa ya buga faffaɗan gefe na milimita goma kewaye da giyan, a yanke da wuƙa daga baya.

Folikabonet kuwa matsalarsa akasin haka ce a kan PEI: yakan manne har ya ɓalle fatar farantin wajen cirewa. Shi ma gam ɗin ake shafawa, don aikin ya saki idan ya huce.