Manhajar ɗinki a Mararaba: inda layi ya rabu da na sauran teloli

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Mararaba yakan fita tun da asuba don ya tsere wa cunkoson hanyar Keffi zuwa Abuja, ba ya kuma komawa sai bayan magariba. Garin yana ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma yawancin harkokinsa da Abuja suke. A irin wannan rayuwa, kai wa tela yadi aiki ne na ranar Asabar, karɓo ɗinkin kuwa sai a yi sahu biyu ko uku. Duk mai shirin ƙirƙiro manhajar ɗinki domin waɗannan mutane, akwai zane guda da ya kamata ya fara yi kafin ya kashe ko kwabo.

Zanen ya fito ne daga littafin Blue Ocean Strategy na W. Chan Kim da Renée Mauborgne, malaman makarantar kasuwanci ta INSEAD, wanda aka wallafa a 2005. Sun kira kasuwar da kowa ke kokawa a cikinta jan teku, wadda ba a shiga ba tukuna kuma shuɗin teku. A gindin takarda ake jera abubuwan da 'yan kasuwar ke gasa a kansu. A gefe kuma a sa ma'auni daga ƙasa zuwa sama, a ce 1 zuwa 5. Kowane abokin gasa a ba shi maki a kan kowane abu, sannan a haɗa ɗigon da layi.

A ɗauki abubuwa shida: farashi, kyan ɗinki, yawan samfura, ƙawar shago, cika alkawari, da sauƙin kaiwa da karɓowa. A misali, telan unguwa zai samu 2 a farashi, domin a wannan zane maki mai yawa tsada yake nufi. Zai samu 3 a kyan ɗinki, 1 ko 2 a cika alkawari. Manyan shagunan Wuse II da Maitama suna sama a farashi da ƙawa da kyan aiki, amma sai an je musu. Mai sayar da ɗinkakkun kaya ba ya saɓa rana, sai dai rigarsa ba a jikin mai saye aka auna ta ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zana wa manhajar layi mai bin na telan unguwa sau da ƙafa, a ɗan ɗaga shi ko'ina. Idan layuka biyu suka yi siffa ɗaya, ba a bar jan teku ba, an dai ƙara wa kai ɗawainiya. Marubutan sun tanadi tambayoyi huɗu: me za a soke, me za a rage, me za a ɗaga, me za a ƙirƙira. A Mararaba abin sokewa shi ne shagon bakin titi da kuɗin hayarsa. Abin ragewa yawan samfura ne. Kaftani, babbar riga da ɗinkin atamfa kala kaɗan sun wadatar da mai zuwa ofis. Sai a ɗaga cika alkawari zuwa 5, a kuma ƙirƙiro abin da babu mai yi a tsare: awo sau ɗaya a adana shi, a karɓi yadi a ofis, a mayar da ɗinki can.

Wahalar tana wajen makin nan na 5. Manhaja ba ta taka keke. Telan da ke gama kaftani uku a yini, in saura kwana goma Sallah, talatin ne iyakarsa, ko da wuta ba ta yi masa tsiya ba. Dole manhajar ta ƙi karɓar na talatin da ɗaya, ko ta faɗi gaskiyar ranar da zai fito. Wannan ƙin karɓa shi ne telan unguwa ba ya iyawa, domin yana jin nauyin maƙwabci da abokin ciniki na shekaru. In manhajar ma ta kasa, makinta na gaskiya 2 ne, komai aka rubuta a takarda.

Gane hakan ba ya buƙatar dogon bincike. A ƙirga ɗinkin da aka miƙa a ranar da aka ɗauki alkawari, a ƙirga wanda aka dawo da shi don gyara. Na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin jiki yana canzawa, awon bara ba lallai ya dace da bana ba, kuma kowane gyara yana cinye kuɗin ɗan aike sau biyu.

Makin kansa ma bai kamata ya fito daga kan mai manhajar ba. Waɗanda suka gaji da tela suka koma sayen ɗinkakku su ne za a tambaya, kuma ana samunsu kowace safiya a layin shiga mota zuwa Sakatariya.